Neman Izini Kafin Shiga: Yadda Manhajar Waya ke Roƙon Aiko da Sanarwa

Duk wanda ya girka sabuwar manhaja a wayarsa ya san wani ɗan akwati da kan fito yana tambaya ko ya yarda a riƙa aiko masa da sanarwa. Wannan akwati mallakar tsarin wayar ne, kuma mai rubuta manhaja ba ya da ikon sauya kalmomin cikinsa. Abin da ke hannunsa shi ne lokacin da akwatin zai fito.

Damar kuwa ƙalilan ce. A wayar iPhone sau ɗaya tak akwatin ke fitowa. In mutum ya ƙi, to manhaja ba za ta sake nuna shi ba, sai dai ya shiga saitin waya da kansa ya buɗe, abin da ba kasafai mutane ke yi ba. A Android, kafin shekarar 2022 ba a neman wannan izini. Da Android 13 ya fito a shekarar, sai ya zo da izinin `POST_NOTIFICATIONS`, wanda in aka ƙi shi sau biyu, akwatin ba ya sake fitowa.

Bari mu ɗauki misalin manhajar da ke tuna wa ɗalibi lokacin bitar darasi. In ta jefo tambayar da zarar an buɗe ta karon farko, ɗalibin bai ga amfaninta ba tukuna, bai kuma san irin saƙon da za a dame shi da shi ba. Mafi sauƙi a gare shi shi ne ya ƙi, kuma a ganinmu bai yi laifi ba. Amma a ce an ƙyale shi ya zaɓi darasin lissafi, ya sa ƙarfe 8 na dare, sa'annan ya taɓa "Tuna mini". A nan shi ne ya nemi tunin da kansa, saboda haka tambayar ta zo a kan gaɓa.

Ko a wannan lokaci, gwanaye kan sa wani mataki a tsakani. Manhaja kan fara nuna nata shafin mai cewa, "Za mu tuna maka da ƙarfe 8, sau ɗaya a rana," tare da zaɓi biyu: "Na yarda" da "Ba yanzu ba". Wanda ya yarda ne kaɗai ake kira wa akwatin tsarin waya. Wanda ya ce ba yanzu ba kuwa, damarsa tana nan ba a taɓa ta ba, ana iya sake tambayarsa ran da ya tsara wani darasi.

Sai dai a yi hattara wajen auna nasara. A ƙaddara mutum 100 sun girka manhajar, 40 suka kai ga wannan mataki, 30 suka yarda. Wanda ya dubi waɗanda aka tambaya kawai zai ce kashi 75 cikin ɗari ne, alhali kashi 30 ne na masu girkawa, domin jinkiri ya sa mutum 60 ba a ma tambaye su ba. Don haka akan raba sababbin masu girkawa gida biyu, a gwada lokuta daban-daban, a ƙirga daga jimillar kowane gida, sa'annan a duba mutum nawa ne suka kashe sanarwar bayan wata ɗaya.