Wasiƙar Godiya Bayan Ranar Gwaji a Wurin Koyon Sana'a

Wannan wasiƙa ita ce wadda matashin da ya kammala makaranta yake rubuta wa mai shagon sana'a bayan an ba shi yini guda na gwaji. Manufarta biyu ce: yin godiya da kuma jaddada buƙatar a karɓe shi. Saboda haka tana bin sigar wasiƙar neman aiki, wato adireshi biyu da kwanan wata da gaisuwa da take da gundarin saƙo da rufewa.

A ɗauki misalin matashi daga Dugabau, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, wanda ya yi gwaji a shagon wani kafinta a Gwarzo. Zai sa adireshinsa da kwanan wata a sama daga dama, na kafintan kuma a ƙasa daga hagu. Gaisuwar da ta dace ita ce “Maigida” ko “Malam”. Take kuwa ya zama gajere: “Godiya da Neman Koyon Kafinta”. Ga yadda gundarin zai kasance:

“Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina godiya bisa damar da ka ba ni ranar Asabar. Na koyi riƙon zarto, da yadda ake auna katako sau biyu kafin a yanka. Ina roƙon ka karɓe ni cikin yaranka. Zan riƙa zuwa da ƙarfe takwas na safe, domin zan zauna wurin kawuna a Gwarzo. Mahaifina zai zo ku gana a ranar da ka ga dama.”

Abin lura a nan shi ne, kowace jimla da aikinta. Ambaton zarto da awo shaida ce cewa yaron ya mai da hankali, alhali “na ƙaru ƙwarai” kaɗai ba ta nuna komai. Batun masauki ya amsa tambayar da maigida zai yi game da makara. Ambaton mahaifi kuwa ya dace da al'ada, domin a ƙasar Hausa iyaye ne ke danƙa yaro amana ga mai sana'a. Wasiƙa ba ta maye gurbin wannan ganawa, share mata fage kawai take yi.

Kurakuran da aka fi samu su ne doguwar gaisuwa irin ta wasiƙar zumunci, da tambayar kuɗin sallama tun ba a karɓi mutum ba, da kuma jinkiri. Ya kamata wasiƙar ta isa cikin kwana ɗaya ko biyu, tun maigida bai manta fuskar yaron ba. Za a rufe da “Naka mai biyayya”, sannan sa hannu da cikakken suna.