Gane Keken Ɗinki Daga Hoto: Zai Iya Yadi Mai Kauri?

Cinikin keken ɗinki na hannu, wato wanda aka riga aka yi aiki da shi, yakan fara ne da hoto a waya. Mai sayarwa ya ɗauki keken ya tura, ya ce ƙarfe ne zalla, babu abin da ba ya ɗinkawa. Mai saye kuma, idan aikinsa jins ne ko kambas ko tamfol ko rigar kushin, sai ya yanke shawara kafin ya kashe kuɗin mota. Hoto yana iya nuna dangin keke da irin aikin da aka ƙera shi dominsa, muddin an san inda za a duba. Sunan da aka rubuta a jiki da launin fenti su ne mafi raunin shaida. Ginin keken shi ne abin dogaro.

Wuraren da ya kamata hoto ya nuna

Hoto ɗaya daga nesa ba ya wadatarwa. Ana bukatar na gaban keken gaba ɗaya, har da teburinsa da abin da ke ƙarƙashin teburin. Ana bukatar na kusa da allura, inda za a ga ƙafar da ke danne yadi da haƙoran da ke jansa. Sai na wurin da ƙoshiya take, an buɗe murfinsa. Na ƙarshe shi ne ƙaramin allon ƙarfe da ke ɗauke da lambar samfuri, wanda a kekunan masana'anta yawanci yake manne a gaban ginshiƙin dama.

A nan akwai kuskuren da ake yawan yi. A tsofaffin kekunan Singer, lambar da aka buga a kan faranti ta gefen dama lambar jerin ƙira ce, ba lambar samfuri ba. Ana amfani da ita wajen gano shekarar da aka yi keken. Lambar samfuri gajera ce, kamar 15 ko 66 ko 201. Idan harafin K ya biyo bayanta, kamar 15K, to an ƙera shi a masana'antar kamfanin da ke Clydebank a ƙasar Scotland, wadda aka rufe a 1980.

Dangogin da aka fi gani

Baƙin keke mai adon ruwan zinariya, wanda ake takawa da ƙafa, shi ne ya fi yawa a shagunan teloli. Mafi yawansu kwaikwayon Singer samfuri na 15 ne, ciki har da Butterfly na ƙasar Sin mai lamba JA2-1 ko JA2-2. Alamar wannan dangi a hoto ba ta ɓuya: maƙallin da ke daidaita ƙarfin zaren sama yana kan fuskar keken ta hagu, yana kallon gefe maimakon ya fuskanci mai ɗinki. Ana sa kwarkwaro a cikin ƙoshiya, a cusa ta daga gefen hagu ta ƙarƙashin faranti. Idan kuwa maƙallin zaren yana gaba yana kallon tela, kuma ana jefa kwarkwaro daga sama a kwance, to keken ya fi kama da dangin 66 ko 99 ko 201. Dukkansu kekunan gida ne. Nauyin ƙarfensu yana sa su daɗe, amma bai mai da su kekunan tamfol ba.

Dangi na biyu shi ne keken masana'anta mai ɗinki miƙaƙƙe, irin su Juki DDL-8700 da ɗimbin masu kwaikwayonsa. A hoto za a ga kansa ya fi tsawo, yana zaune cikin babban tebur, injin lantarki yana ƙarƙashin teburin ko a haɗe da wilin keken, akwai sandar ɗora manyan ƙullin zare, akwai kuma abin da ake turawa da gwiwa don ɗaga ƙafa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk keken masana'anta na aiki mai nauyi ne. Gaskiyar ita ce an yi wannan samfuri don sauri a kan yadin sutura, yana kaiwa ɗinki 5,500 a minti ɗaya, kuma tsawon ɗinkinsa bai wuce milimita 5 ba. Harafin ƙarshen lambar yana da ma'ana: DDL-8700H shi ne na yadi mai kauri, mai manyan haƙora da ke ɗaukar allura babba, DDL-8700A kuma na yadi marar nauyi ne. Saboda haka a nemi hoton da harafin ya fito sarai.

Akwai kuma 20U, wanda teloli suka sani da ɗinkin zigizag da ado. Ana gane shi da faɗin ramin allura da maƙallan daidaita faɗin ɗinki a gabansa. Yana da kyau ga kayan sawa da ado, amma ba shi ne na jaka ko kushin ba.

Dangi na ƙarshe shi ne keke mai ƙafa biyu, wanda ƙafarsa take tafiya tare da yadi. Idan aka duba bayan allura a hoto, za a ga sanduna biyu na ƙafa maimakon ɗaya, ƙafar ciki da ta waje, suna ɗagawa bi da bi. Singer 111W155 da Juki LU-563 da DNU-1541 suna cikin wannan dangi, haka ma kekunan Sin masu lamba 0303. Waɗannan su ne na masu kushin da jakunkuna da rumfar tamfol.

Abin da ke sa keke ya iya kauri

Abu na farko shi ne yadda keken yake jan yadi. A keken gida da na masana'anta mai ƙafa ɗaya, haƙoran ƙasa kaɗai ke ja, ƙafa kuma tana danne yadin a tsaye. A kan shadda ko atamfa ninki biyu wannan ba matsala ba ce. Amma idan ninki ya yi yawa, ko yadin yana da santsi ko danƙo kamar tamfol da ledar kushin, na ƙasa sai ya wuce ya bar na sama. Alamar haka ita ce ɗinki ya riƙa gajarcewa a wurin kauri, kuma a ƙarshen layi bakin yadin biyu su ƙi haɗuwa. Keke mai ƙafa biyu yana kama yadin sama da ƙasa ya tafi da su tare.

Na biyu shi ne tsayin da ƙafa take ɗagawa. A keken gida bai cika wuce milimita 6 zuwa 7 ba. DDL-8700 yana ɗagawa har milimita 13 da gwiwa. Sai dai shigar yadi ƙarƙashin ƙafa ba ya nufin keken zai ɗinke shi, domin idan kauri ya tura ƙafa sama sosai, a kekuna da yawa maƙallin zare yakan saki, zare ya taru ya cukurkuɗe a ƙasan yadin.

Na uku shi ne allura da zare. Keken gida yana amfani da allura mai gefe ɗaya a baje, wadda ake rubuta wa HAx1 ko 130/705H a jikin fakiti, kuma babbarta da aka saba samu ita ce lamba 18. Na masana'anta mai miƙaƙƙen ɗinki yana ɗaukar DBx1 mai zagayayyen gindi. Mai ƙafa biyu yawanci DPx17 yake ɗauka, wadda ta fi tsawo kuma ana samunta a lamba 22 da 23. Zare mai kauri na jaka ba ya wucewa ta idon ƙaramar allura ba tare da ya tsinke ba, don haka girman allura shi ne iyakar zaren da keke zai iya.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka tela yana son fara ɗinka jakunkunan makaranta na kambas, yana kuma rage tsawon wandon jins. An turo masa hoton baƙin keke mai ado, a kan tebur mai matakin ƙafa, an ɗaura masa ɗan ƙaramin injin lantarki a baya. Sunan da ke jiki ya goge. Maƙallin zare yana fuskar hagu, ƙoshiya tana shiga ta gefe, sandar ƙafa guda ɗaya ce. Wannan ya isa a ce ɗan dangin 15 ne, ko wane kamfani ya yi shi.

Sai a auna shi da aikin. Bakin ƙafar wandon jins ninki uku ne, kuma wannan keke zai ɗinka shi da allura lamba 16 ko 18 da ɗinki mai tsawon milimita 3 zuwa 4. Wahalar tana inda bakin ya haye ɗinkin gefe, inda ninki yake kaiwa tara ko fiye. A wurin ana buga kaurin da guduma ya kwanta, a sa ɗan ninkakken ƙyalle a bayan ƙafa don ta daidaita, a juya wili da hannu a hankali. Ga wando kaɗan a rana, keken ya wadatar.

Jaka kuwa daban take. Inda aka haɗa maɗauri da kambas da shafi da zif, kauri yana taruwa, kuma ana maimaita wannan wuri sau da yawa a kowace jaka. Ƙaramin injin da ke bayan keken zai yi gurnani ya yi zafi, igiyarsa ta riƙa zamewa, allura ta lanƙwashe ta bugi faranti ko bakin ƙugiyar da ke kama zare, daga nan keken ya fara tsallake ɗinki. Hukuncin shi ne a saye shi don jins da gyare-gyare idan farashin ya yi, amma sana'ar jaka tana bukatar mai ƙafa biyu. Da hoton ya nuna DDL-8700H, da zai yi jins da kakin ma'aikata duk yini, kuma zai taɓa kambas marar ninki da yawa.

Abin da hoto ba ya nunawa

Hoto ba ya faɗin lafiyar keke. Ba ya nuna ko haƙora sun cinye, ko sandar allura tana girgiza, ko lokacin haɗuwar allura da ƙugiya ya kauce. Ana kuma sake fenti, ana manna sunan babban kamfani a kan keken da ba nasa ba, shi ya sa ake gwada lambar allo da ginin keken a ga ko sun dace. Abin da hoto na kusa zai iya tona shi ne tsatsa a sanduna, tsagewa a jikin ƙarfe, da tabon allura a kewayen ramin faranti, wanda ke nuna an daɗe ana tilasta wa keken abin da ya fi ƙarfinsa.

Kafin a biya kuɗi, a je da ainihin yadin da zaren da za a yi aiki da su. A ninka shi yadda zai kasance a wuri mafi kauri na aikin, a ɗinka daga ninki biyu a haye zuwa kaurin a sauko. Sannan a juya yadin a duba bayansa. Idan tsawon ɗinki bai canza ba, babu tsallake, kuma ƙullin zaren sama da na ƙasa ya ɓuya a tsakiyar yadi, keken ya dace da aikin. Idan mai sayarwa yana nesa, a nemi ya yi wannan gwaji a bidiyo, ya nuna gaba da bayan ɗinkin kusa da kyamara.