Shaidar Wanda Ya Riga Ya Saya

Kowane ɗan kasuwa zai ce kayansa masu kyau ne, shi ya sa mai saye ba ya ɗaukar maganarsa da nauyi. Abin da yake so ya ji shi ne bakin wanda ya riga shi fitar da kuɗi. Masu sana'ar nemo sababbin abokan ciniki suna kawo wannan baki ta hanya biyu. Ta farko gajeruwar shaida ce, jimla biyu ko uku da tsohon kwastoma ya faɗa da kansa. Ta biyu cikakken labarin aiki ne guda ɗaya: yadda aka tarar da mutum, abin da aka yi masa, da abin da ya biyo baya. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Cialdini ya bayyana tushen abin a littafin da ya fitar a 1984: idan mutum yana cikin shakka, yakan duba abin da irinsa suka yi, ya bi sahu. A wannan kalma ta "irinsa" ne mafi yawan 'yan kasuwarmu suke yin tuntuɓe.

Bari mu ɗauki sana'ar sanya sola, wadda ta ƙara samun kasuwa tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023. A ƙaddara wani matashi ne a Kano, yana son shawo kan masu shagunan sayar da ƙanƙara da lemo mai sanyi. Abin da aka saba gani shi ne ya tura wa mutum hoton saƙon wani kwastoma da ya ce, "Aikinku ya yi kyau, Allah ya saka da alheri." Addu'ar tana da daɗi, amma ba ta amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin da ke cin ran mai shago ba. Shi tambayarsa ita ce: zai ɗauki firiza uku? Da damina fa? Yaushe kuɗina zai dawo? Idan ya lalace, za ka ɗaga waya?

Labarin aikin da zai amsa waɗannan yana farawa ne tun kafin a ɗora faifan sola ko ɗaya a kan rufi. Ranar da aka je duba shagon, a zauna da mai shi a rubuta halin da ake ciki. A misalinmu, a ce janareto yana shan lita 8 a rana, ana buɗe shago kwana 26 a wata, wato lita 208. Wanda bai rubuta wannan adadi a ranar farko ba, bayan wata shida babu abin da zai kwatanta da shi, domin mai shagon kansa ya manta, sai dai a yi ta kintace. Bayan an yi aiki, a koma a sake aunawa. A ce yanzu ana tayar da janareto ne kawai a ranakun hadari, lita 40 a wata. An rage lita 168 ke nan. Idan kuɗin aikin gaba ɗaya ya yi daidai da kuɗin lita 3,000 a lokacin, to a cikin kimanin wata 18 kuɗin ya dawo.

Da gangan na yi lissafin da lita, ba da naira ba. Farashin mai yana hawa yana sauka, labarin da aka rubuta da naira yakan tsufa cikin 'yan watanni. Lita kuwa, mai karatu zai ninka ta da farashin yau da kansa, kuma lissafin da mutum ya yi da hannunsa ya fi zama a ransa.

Akwai ɓangaren da 'yan kasuwa suke son ɓoyewa, ni kuwa a ganina shi ne mafi daraja: abin da ya ba da matsala. A ce a makon farko inbata ta riƙa katsewa, saboda firiza tana fizgar wuta mai yawa a daidai lokacin da injinta yake tashi, ga su uku suna tashi tare. Mai aikin ya dawo washegari, ya tsara a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe faifan, caji ya ragu, aka nuna wa yaron shago yadda zai riƙa wankewa. Labarin da babu ko tangarɗa ɗaya a cikinsa, mai hankali ya san talla ce. Wanda ya nuna matsala da yadda aka gyara ta, ya amsa tambayar nan ta ƙarshe, wato ko za a ɗaga waya.

Sai a rufe da maganar mai shagon kansa. Kada a ce masa "Alhaji, ka yabe mu," domin yabo kawai zai yi, na kunya. A tambaye shi: me ya sa ka yi ta jinkiri da farko? Me ka fi jin tsoro? Me ya canza a shagon? Amsar da zai bayar, da kalmominsa, ba tare da an yi mata kwalliya ba, ita ce shaida. Saƙon murya na minti ɗaya ya fi rubutu tasiri a wurin mutanenmu da yawa, don murya tana da wuyar ƙirƙira kuma wanda ba ya karatu ma zai saurara.

Duk wannan sai da izini. Wani ba ya son maƙwabtansa su san nawa ya kashe, wani ba ya son hoton shagonsa ya zaga gari. A tambaya a sarari: sunanka za mu sa, ko mu ce "wani mai shago a Fagge"? Ka yarda a kira ka? Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, kuma suna da lambar waya da hoto duk suna ƙarƙashinta. Ko babu doka, yaɗa sirrin cinikin mutum ba da saninsa ba cin amana ne. Shaidar ƙarya kuwa, wadda ake sa ƙane ko aboki ya rubuta, ta yi yawa a duniya har hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta fitar da ƙa'idar haramta ta a 2024, tare da tara. A kasuwanninmu, inda kowa ya san kowa, tonuwar asiri ba ta ɗaukar mako.

Wurin turawa ma akwai dabara. Labarin mai ƙanƙara na mai ƙanƙara ne. Idan aka kai wa mai ƙaramin asibiti, ba zai ga kansa a ciki ba, domin damuwarsa ita ce kada wuta ta ɗauke da dare ana tsakiyar karɓar haihuwa. Haka nan idan aka nuna wa mai shago ɗaya aikin da aka yi wa babban otal, zai ce wannan ya fi ƙarfina, ya juya baya. Saƙon farko ya zama gajere: gaisuwa, jimla ɗaya a kan wani mai irin sana'arsa da ya rage mai daga lita 208 zuwa 40, sannan a tambaye shi ko yana son cikakken bayani. Idan ya amsa, a tura shafi ɗaya. Idan ya nuna sha'awa, a kai shi shagon ya taɓa ƙanƙarar da hannunsa, a matsa gefe a bar su su yi magana su biyu. Gani ya kori ji.

Tambayoyin da suke dawowa su ne ma'auni. Idan mutum ya ce "firiza nawa gare shi?" ko "wane irin batir aka sa masa?", labarin ya shige shi, yana gwada kansa da wancan. Idan "Masha Allah" kawai ake turowa, ba a tambayi komai ba, to an yaba ne aka wuce. Sai a duba ko dai labarin ba shi da adadi, ko an kai shi inda ba nasa ba.

Kuma kada a mai da sakamakon mutum ɗaya alkawari ga kowa. Shagon da bishiya ta yi wa rufinsa inuwa, ko wanda firizarsa tsohuwa ce mai cin wuta, ba zai samu lita 168 ba. A faɗa masa haka tun kafin ya biya, a kuma auna nasa shagon daga farko. Mai sana'a, idan kana da aikin da za ka fara a wannan mako, ka tafi da littafi da biro, ka rubuta litar da janareton yake sha kafin ka sauke tsani daga mota.