Ƙarin aiki, ƙarin lada: yadda za ka gaya wa Alhaji ba tare da an ɓata ba

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda suke daji ko kan hanya lokacin da aka watsa shi. Maganar ita ce: an yi jinga da kai a kan aiki, ka gama, sai mai aikin ya ce "ɗan ƙara mini kaza". Yaya za ka gaya masa wannan ba ya cikin jinga, kuma ka yi masa tayin ci gaba da aikin a kan sabon lada?

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kuɗin da za mu ambata na misali ne, kowa ya sa farashin garinsu.

A ce wani Alhaji ya ɗauki mai kora ya kai masa shanu 20 daga Dungas zuwa kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis. An shirya a gaban dillali: kwana biyu, shi da yaronsa, jika 30. Ga ƴan'uwanmu na Najeriya, jika ɗaya ita ce sefa 1,000. Shanu sun isa kara lafiya, an sayar da 14, shida sun yi kwantai. Da la'asar Alhaji ya ce: "Malam, ka riƙe mini waɗannan zuwa Alhamis mai zuwa, ai mun zama ɗaya."

To, a nan ne ake faɗawa rami. Kunya ta hana mai kora magana, ya ce "to". Shi a ransa za a biya shi, Alhaji kuwa a ransa alfarma aka yi masa. Bayan mako guda sai rigima.

Kafin ka buɗe baki, fara tabbatar wa kanka cewa aikin ƙari ne. Abu uku za ka duba: wuri, lokaci da adadi. Ina aka ce a kai? Har yaushe? Kai nawa? In ɗaya daga cikin ukun nan ya canza bisa buƙatar mai dukiya, sabon aiki ne. A misalinmu lokaci ne ya canza, kwana biyu sun zama tara. Amma mu yi adalci. In saniya ta ɓalle a hanya ka kwana nemanta, wannan yana cikin korar da ka karɓa, ba ka da bakin neman ƙari. Haka in Alhaji ya ce ka ɗan tsaya da shanun ya je ya yi salla ya dawo, wannan zaman tare ne, ba a sa masa kuɗi.

Sai lissafi, kuma ka yi shi tun kafin ka je gabansa. Shanu shida mutum ɗaya ya ishe su, saboda haka yaro zai koma gida. A ce ladanka jika 4 a wuni, kwana bakwai jika 28 ke nan. Shanun nan kuma ba azumi za su yi ba. In rani ne, babu ciyawa a bakin gari, sai an sayi harawa da dusa, a biya ruwa. In kowace saniya tana cin jika ɗaya a wuni, shida a kwana bakwai jika 42. Jimla jika 70. Kun ji fa: abin da aka kira "ɗan riƙe mini" ya ninka ladan korar gaba ɗaya har da ɗoriya. Wanda ya yi shiru, daga aljihunsa zai ciyar da shanun wani.

Yanzu ga yadda ake faɗa. Ka ja shi gefe, ban da cikin taro, don babban mutum ba ya son a yi ciniki da shi a gaban yaransa. Amma ka kira dillalin da aka yi jingar farko a gabansa. Sai ka ce:

"Alhaji, ranka ya daɗe, abin da muka shirya shi ne in kawo shanu 20 Maigatari, kuma ga su na kawo, Alhamdu lillahi. Riƙon mako guda ba ya cikin wancan, sabon aiki ne. Ina so in yi maka shi. Ladana jika 28, abincinsu da ruwa wajen jika 42, wannan kai za ka bayar. In ya yi maka, mu shirya yanzu."

Ku lura da jerin maganar. Ya fara da abin da aka shirya, wanda Alhaji ba zai musa ba. Ya faɗi sarai cewa riƙon ba ya ciki, bai yi ta kewaye-kewaye ba. Sannan nan take ya kawo tayi da farashi. In ka ce "ba ya ciki" ka yi shiru, Alhaji zai ji kamar ka watsar da shi a bakin iyaka da shanu shida. In ka haɗa da tayi, ka ba shi mafita. Ya kuma raba ladansa da kuɗin abinci, don kada a ga jika 70 a dunƙule a ce ya tsuga.

Wataƙila Alhaji ya ce: "Haba malam, duk shekarun nan da muke tare?" Kada ka hau, kada kuma ka janye. Ka ce: "Saboda muna tare ne na faɗa tun yanzu, Alhaji, don kada kuɗi ya shiga tsakaninmu daga baya." In ya ce ya yi yawa, rage aikin ya fi rage ladan: ka ce za ka iya mayar da su Dungas a kan kaza, ko ka riƙe su kwana biyu kafin ya samo wani. In kuwa ka ga dama ka yafe wani abu, to ka faɗa da bakinka cewa na wannan karon ne. Alfarmar da ba a ambata ba, gobe ita ake ɗauka a matsayin ƙa'ida.

In an shirya, saura abu uku a tsayar. Na farko, da wane kuɗi za a biya? Jingar farko da sefa aka yi, harawar Maigatari kuwa da naira ake saye, kuma canji ba ya zama wuri ɗaya. A faɗa tun yau. Na biyu, a ba ka kuɗin abincin a hannu kafin Alhaji ya hau mota. Na uku shi ne mafi nauyi: in saniya ta kwanta ciwo, wa zai sayi magani? In ta kai ga yanka, kana da izini? In an sace fa? Wanda ya karɓi riƙo ba a yi wannan magana ba, ranar da tsautsayi ya faɗa shi za a kama, alhali ko sisi ba a yanka masa ba.

Daga nan ka maimaita sharuɗɗan a gaban dillali. In kuna da waya, ka ɗauki muryarku ko ka tura masa saƙon murya: shanu shida, zuwa Alhamis, lada kaza, abinci a kansa. Wannan ba rashin yarda ba ne, mantuwa ake gudu.

Lokacin maganar kuwa shi ne kafin ka ɗaga sanda ka kaɗa shanun daga kara. In ka bari sai ranar Laraba ka zo da lissafi, ko da gaskiyarka ka zama mai roƙo, don Alhaji zai ce da ka faɗa masa da ya nemi wani. Kuma a nan ya fi ka gaskiya.

Direbobin da ake cewa su ƙara gaba da kaya, ko su kwana biyu suna jira a bakin duwan, ku ma ku auna naku da wuri, lokaci da adadi. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare mana dukiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.