Tara Gurbi Ɗaya Daga Shafuka Da Yawa A Excel

Mai shagon da ke rubuta cinikinsa a Excel yakan ware wa kowane wata shafinsa, a ce Janairu, Fabrairu da Maris, jimillar kowanne tana gurbin B20. In ya zo shafin taƙaitawa sai ya riƙa ɗauko su ɗai-ɗai yana sa alamar tarawa a tsakani. Hakan na aiki, amma ranar da aka goge shafi ɗaya, `#REF!` zai gani a maimakon kuɗi. Ga hanyar da ta fi:

```
=SUM(Janairu:Maris!B20)
```

Wato a tara B20 na kowane shafi tun daga Janairu har Maris. Ba sai ka rubuta sunayen da hannu ba. Rubuta `=SUM(` a gurbin da kake son amsar, danna sunan shafin farko a ƙasan allo, riƙe Shift ka danna na ƙarshe, sannan ka danna B20 ka buga Enter. Idan an samu naira 120,000 a Janairu, 95,000 a Fabrairu, 140,000 a Maris, za ka ga 355,000.

Abin lura shi ne Excel jerin shafukan yake bi. Duk shafin da ya faɗo tsakanin na farko da na ƙarshe ya shiga lissafi, ko na bashi ne, wanda aka ja waje kuma ya fita. Shi ya sa Afrilu, in aka ƙara shi bayan Maris, ba zai shiga ba. Masu dabara sukan buɗe shafuka biyu da ba komai a cikinsu, Farko da Karshe, su jera watanni a tsakani, sai fomular ta koma `=SUM(Farko:Karshe!B20)`. Shafin taƙaitawar dai ya tsaya a waje.

Matsalar da ta fi cin mutane kuwa ba ta zuwa da gargaɗi. A ce yaron shago ya ƙara layi ɗaya a shafin Fabrairu kaɗai don ya rubuta wani kaya. Jimillar watan ta sauka B21, B20 kuma yanzu kuɗin kayan ƙarshe ne, naira 8,000. Fomular ba za ta bi jimillar ba, B20 za ta ci gaba da ɗauka, amsa ta zama 268,000, ba jan rubutu, ba alamar kuskure. Sai wanda ya san cinikinsa ne zai ce a'a, da sake.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne a ɗora jimilla a saman kowane shafi, kamar B1, inda ƙarin layin kaya ba ya motsa ta. In kuma amsa ta yi ƙasa alhali gurbi bai gusa ba, a duba ko wani ya rubuta "N95,000" da harafi a gaba, domin `SUM` tsallake rubutu yake yi, lamba kawai yake tarawa.