Jiƙon Gora da Lafiyar Ƙoda: Abin da Ya Kamata Likita Ya Ji

A kowace tashar mota da kasuwar ƙauye za ka tarar da mai magani da lasifika, ya jera gorunan ruwa cike da jiƙo mai duhu. Gora ɗaya, in ji shi, tana maganin basir da shawara da sanyi da dattin ciki. Babu sunan abin da aka haɗa a jikinta, babu awo, sai dai a ce ka sha kofi ɗaya safe da yamma. Ba ina cewa saiwa da sassaƙe ba su da amfani ba ne. Magungunan asibiti da dama daga tsirrai aka samo su. Abin da ke damuna shi ne haɗin da ba wanda ya san abin da ke ciki, domin duk abin da ya shiga jini sai ya ratsa ƙoda.

Ƙodoji biyu suna tace ruwan jini kusan lita 180 a rana, su mayar da mafi yawansa jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Da yake a cikinsu ne ake tattara datti kafin a zubar, guba takan fi taruwa a nan.

Wani lokacin tsiron da kansa ne gubar. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba wanda aka saka wa wani tsiro na dangin Aristolochia bisa kuskure. Da yawansu sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da kansar hanyar fitsari. Akwai 'yan uwan wannan tsiro a dazukan Afirka ta Yamma. Sai dai a wurinmu hanyar da ta fi kusa ita ce algus da gudawa. Akwai masu daka ƙwayoyin kashe raɗaɗi irin su dikilofenak su zuba a jiƙon ciwon gaɓɓai don mai sha ya ji sauƙi nan take ya dawo. Akwai kuma maganin wankin ciki da ke sa mutum zarya zuwa banɗaki har jikinsa ya bushe.

Mu ɗauki misali. A ce magidanci ne mai shekara 55, yana da hawan jini, yana shan lisinofiril da ƙwayar sa fitsari. Basir ya dame shi, ya sayi gora. Rana ta farko gudawa ta tsinke, mai magani ya ce ai dattin ne ke fita, ya ci gaba. Ga zafin bazara, ga shi bai ƙara shan ruwa ba. Jikinsa ya yi tsami, sai ya aika aka sayo masa dikilofenak a kyamis. A nan abubuwa uku suka taru. Gudawar da ƙwayar fitsarin sun rage ruwan jini, maganin raɗaɗin ya matse jijiyar da ke kai jini cikin matatar ƙoda, lisinofiril kuma ya sassauta wadda ke fitar da shi, sai ƙarfin tacewa ya faɗi. Maganin hawan jinin ba shi da laifi a ranar lafiya, kare ƙoda ma yake yi. Haɗuwarsa da bushewar jiki ce matsalar. A rana ta huɗu mutumin ya lura tun asuba bai yi fitsari ba sai ɗan kaɗan, ƙafarsa ta cika takalmi, yana ta tashin zuciya da shaƙuwa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙoda ba kasafai take ciwo ba idan tana lalacewa. Mafi yawan ciwon bayan da ake ɗora mata na tsoka ne ko ƙashi. Fitsari ya kamata a sa wa ido. Babba da ya yi yini da kwana bai fitar da abin da zai cika ledar fiya wata ɗaya ba, wato ƙasa da rabin lita, yana buƙatar asibiti a ranar. Haka idan fitsarin ya koma kalar shayi, ko da jini, ko yana kumfar da ba ta bajewa. Kumburin ƙasan ido da safe, kumburin ƙafa, amai, ƙaiƙayin jiki da kasala mai nauyi duk ishara ce. Idan numfashi ya fara sarƙewa, musamman a kwance, ko mutum ya rikice yana sambatu, ko ya fara jijjiga, to ko tsakar dare ne a tafi. Kuma a sani, wasu suna ci gaba da fitsari kamar kullum alhali ƙodar ta taɓu, shi ya sa gwaji ne kaɗai ke raba gardama.

Gwajin da likita zai rubuta shi ne wanda ake gani a takarda da E/U/Cr, tare da gwajin fitsari, wani lokaci da hoton ciki. Yana auna kiriyatinin, dattin da tsoka ke fitarwa, wanda a jinin babba mai lafiya yakan tsaya tsakanin 60 da 110 a ma'aunin da yawancin asibitocinmu ke amfani da shi. Yana kuma nuna sinadarin fotasiyam, wanda idan ya yi yawa yakan tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba. Shi kiriyatinin yakan makara wajen tashi, don haka idan likita ya ce a maimaita bayan kwana ɗaya ko biyu, ba neman kuɗi yake ba.

Wuri mafi wahala shi ne ɗakin likita. Mutane suna ɓoye maganin gargajiya don tsoron faɗa, ko don kunya idan na ƙarfin maza ne ko kayan mata. Wasu kuma da gaske ba sa lissafa jiƙo cikin magani. A tambaye su me suka sha, su ce ba komai. Wannan ɓoyon yana da tsada, domin irin raunin magidancin nan sau da yawa yana warkewa idan aka tsayar da musabbabin da wuri, aka ƙara ruwa, aka dakatar da wasu ƙwayoyi na ɗan lokaci. Likitan da bai sani ba yana iya rubuta maganin da zai ƙara wa ƙodar nauyi.

Ka tafi da gorar, ko ƙullin garin, tare da duk ƙwayoyin da kake sha. Ba sai an tambaye ka ba, ka ce: "Likita, na sha wannan na basir, kofi ɗaya safe da yamma tun ranar Litinin, na yi ta gudawa, jiya kuma fitsarina ya ragu." Ka faɗi ko da kanwa aka jiƙa shi, da ko wani a gida ya sha. Sannan ka tambaya nawa kiriyatinin ɗinka yake, wane magani za ka dakatar, ruwa nawa za ka sha, yaushe za a sake gwaji. Tambayar ruwan tana da muhimmanci, domin wanda ya bushe ruwa yake buƙata, amma wanda ya kumbura fitsari ya tsaya, ɗura masa ruwa na iya cika masa huhu. Su ma likitoci akwai gyara a wajensu: wanda aka yi wa tsawa a gaban iyalinsa yau, gobe ba zai faɗi gaskiya ba.

Lambar NAFDAC a jikin kwalba ta fi babu, amma a san iyakarta. Wadda ta ƙare da harafin L tana nufin an yi gwajin farko na rashin cutarwa ne, ba a tabbatar maganin yana warkar da abin da aka rubuta ba. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai sikila, mai juna biyu, tsoho da jariri, da duk wanda aka taɓa ce wa ƙodarsa ta taɓu, kada ya sha ko mai lambar ne sai ya nuna wa likitansa.