Ƙidaya a jere ba zagayen Hamilton ba ce

Duk shekara in na zauna duba takardun ɗalibai sai na ci karo da amsa iri ɗaya, har na fara gane ta tun daga nesa. An ce a nuna zagayen Hamilton a kan Q3, sai ɗalibi ya jero 000, 001, 010, 011, 100, 101, 110, 111, ya ja layi biyu a ƙasa, wai ya gama. Da na bincika sai na tarar ashe a takardun da suke kwafa hannu da hannu ma haka aka rubuta. To, kuskure ne, kuma na gaji da zagaye shi da jan biro.

Haifakiyub zane ne na ɗigogi da layuka. Kowane ɗigo sunansa jerin 0 da 1 ne, kuma ana haɗa ɗigo biyu da layi idan sunayensu sun bambanta a gurbi ɗaya tak. Mai gurbi uku, wato Q3, shi ne akwati mai kusurwa 8 da gefe 12. Tunda gurbi uku ne za ka iya juyawa, kowane ɗigo maƙwabtansa uku: na 000 su ne 100, 010 da 001. Yawan maƙwabtan nan ake kira digiri, kuma a Qn digirin kowane ɗigo n ne. Zagayen Hamilton kuwa, wanda ya ci sunan masanin lissafin nan na ƙasar Ailan, William Rowan Hamilton, shi ne ka bi layuka ka ziyarci kowane ɗigo sau ɗaya, ka dawo inda ka faro.

Yanzu mu bi sawun ɗalibin. Daga 000 zuwa 001 lafiya lau. Daga 001 zuwa 010 fa? Gurbi biyu suka canza, ke nan babu layi a wurin, tsallaka katanga ya yi. Daga 011 zuwa 100 abin ya fi muni, duka ukun suka juye, haka kuma komawa daga 111 zuwa 000. Cikin taku 8, 4 kaɗai ke kan hanya. Ya ziyarci kowane gida, ba musu, amma ba ta ƙofa ya shiga ba.

Da zai tsaya ya ƙirga yawan 1 a kowane suna, da ya kama kansa. A ware masu adadin cika, wato 000, 011, 101, 110, a gefe guda, masu adadin mara, 001, 010, 100, 111, a ɗaya gefen. Juya gurbi ɗaya yana ƙara 1 guda ko ya rage, saboda haka kowane taku na gaskiya daga wannan ɓangare yake zuwa wancan. Abin da ake nufi da zane mai ɓangare biyu ke nan. Su kuwa 001 da 010 'yan ɓangare ɗaya ne. Sai dai kada a wuce gona da iri: 011 da 100 ɓangarorinsu daban, duk da haka ba maƙwabta ba ne.

Wannan rabon zai kuma hana ka ɓata dare a banza. Na ga wanda ya cika shafi uku yana neman hanya daga 0000 zuwa 1111 da za ta ratsa duka ɗigogi 16 na Q4. Babu ita. Hanyar taku 15 ce, dole ta ƙare a ɗaya ɓangaren, alhali 0000 da 1111 duk cika ne.

Don Allah a daina hadda, a koyi ginawa. Fara da zagayen Q2: 00, 01, 11, 10. Rubuta shi yadda yake, ka sa 0 a gaban kowanne. Sannan ka sake rubuta shi daga ƙarshe zuwa farko, ka sa 1.

```
000 001 011 010 110 111 101 100
```

Duba mahaɗar tsakiya, 010 da 110: gurbin farko kawai ya canza. Haka 100 da 000 wajen rufe zagayen. Juyin baya ne ya jawo haka, domin yana haɗa suna da tagwayensa a wuraren biyu. Ka maimaita a kan wannan jerin, na Q4 zai fito, haka har illa masha Allah. Kafin ka miƙa takarda, ɗora yatsa a kan kowane suna da na gabansa ka ƙirga bambanci, har da na ƙarshe da na farko, wanda aka fi mantawa.

Jerin nan shi ake kira tsarin Gray, da sunan Frank Gray na Bell Labs, wanda ya sami rajistar mallakarsa a 1953. Ana zana shi a kan faifan da ke auna juyawar sandar inji. Da ƙidaya a jere aka zana, a kan iyakar 011 da 100 na'urorin karatu uku ba za su sauya lokaci guda ba, sai inji ya karanta 111 ko 000 alhali sandar ko kusa ba ta je can ba. Da tsarin Gray, iyakacin ruɗanin shi ne ya karanta sunan da aka bari ko wanda ake shiga.